Yadda za a gane ciwon ƙashin yaro mai sikila: tashin ciwo ne ko ƙwayar cuta ta shiga ƙashi

Uwar da ta raini mai sikila ta san kukan tashin ciwo tun kafin yaron ya buɗe baki. A Aboabo, Asawase ko Sabon Zango na Kumasi, da hunturu ya kama ko ruwan sama ya jiƙa yaro a hanyar makaranta, gida ya san abin da zai biyo baya. Maƙwabtanmu Asante suna ce wa ciwon sikila ahotutuo, mu kuma mu ce amosanin jini. Wannan sabon da aka yi da ciwon shi ne tarkon. Akwai ranar da ciwon ba irin na kullum ba ne, ƙwayar cuta ce ta zauna cikin ƙashi tana tara mugunya, gida kuma yana ta gashi da ruwan ɗumi yana jiran ya lafa.

A tashin ciwo, ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe kamar lauje ne ke toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ɓargo ya rasa iska ya yi ta zogi. Ruwa, ɗumi da maganin ciwo ke kwantar da shi, yawanci cikin kwana 4 zuwa 7. Shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ciwon ƙwayar cuta kuwa yana samun gindin zama ne a irin wurin da ɓargo ya riga ya mutu, kuma saifar mai sikila, wadda aikinta tace ƙwayoyin cuta daga jini, tana raunana tun yana ƙarami. A sauran yara Sitafilokokus ce ta fi kawo shi. A masu sikila Salmonela tana sahun gaba, ƙwayar da ke shiga ta gurɓataccen abinci ko ruwa, dangin mai kawo taifot. Wannan ba ya warkewa da gashi.

A kwana biyun farko ko likita yana iya rasa bambance su, don dukkansu suna kawo zogi, kumburi da ɗumin jiki. Aikin gida shi ne tattara shaidar da likita zai yi hukunci da ita. Mu bi matakan da misalin yaro ɗan shekara 7, mai nauyin kilo 20, da ya tashi ran Litinin yana kukan ƙafar dama.

Mataki na 1: auna zafin jiki kafin a ba da magani

Tafin hannu a goshi ba awo ba ne. A ajiye ma'aunin zafi a gida, a auna, a rubuta lamba da lokaci, sannan a ba da farasitamol. Idan aka fara ba da maganin, zai danne zazzaɓin ya ɓoye abin da ake nema. In awo ya kai 38.5, magana ta ƙare: asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, ko da ciwon ya yi kama da wanda aka saba. Awon hammata yakan nuna ƙasa da ainihin zafin, don haka 38 a hammata ma ya isa dalilin tafiya. Kada a ce maleriya ce a sayo magani a kemis. Tana iya zama ita, kuma ita kanta tana tayar da sikila, amma samun maleriya a jini bai wanke ƙashi ba.

Yaronmu ran Litinin ya nuna 37.4, yana shan ruwa, yana magana. Ana iya fara jinya a gida.

Mataki na 2: a sa shi ya nuna wurin da yatsa ɗaya

A nan ya kamata a ɓata lokaci. Uwa ta zaunar da shi ta ce, "Ɗan Baba, nuna wa Umma inda yake maka ciwo, da yatsa ɗaya." Tashin ciwo yakan kama wurare da yawa, baya da cinyoyi, ko hannuwa biyu, yau nan gobe can, yaron ya shafa da tafin hannu ya ce duk nan ne. Ƙwayar cuta ta fi son wuri guda, sau da yawa a dogon ƙashi kamar ƙwauri, cinya ko damtse, kuma ba ta ƙaura. Yatsan da ya nuna ƙasan gwiwa ran Litinin, can zai koma ran Laraba.

Sai a kwaɓe wando a jera ƙafafun biyu a haske. A duba ko ɗaya ta fi kauri ko fatar tana sheƙi. A fata baƙa ja ba ya fitowa sosai, don haka a fi dogara da bayan hannu: a taɓa nan, a taɓa daidai wurin a ɗaya ƙafar, a ji wanne ya fi zafi. Dabara mai sauƙi ita ce a zagaya wurin da zare ko tef ɗin tela, a yi alama da biro a fata, gobe a sake aunawa a daidai alamar.

A kuma tambaye shi ko irin ciwon da ya saba ne. Yaro ɗan shekara 6 ko 7 ya san ciwonsa fiye da kowa. Idan ya ce "Umma, wannan daban ne", a ɗauki maganar da nauyi.

Jarirai nasu daban. Daga wata 6 zuwa wajen shekara 2 ko 3, kumburin bayan hannu da na ƙafa sau da yawa shi ne alamar sikila ta farko, kuma yawanci toshewar jini ce. Amma jariri ba ya iya nuni, a kai shi a duba.

Mataki na 3: a ba da magani daidai nauyi, a ƙirga kwanaki

Farasitamol miligiram 15 ne ga kowane kilo, duk awa 6. Yaro mai kilo 20 zai sha miligiram 300. In na ruwa ne mai miligiram 120 a cikin mililita 5, mililita 12.5 ke nan. Idan likitansa ya amince da aibufurofen, miligiram 10 ga kowane kilo duk awa 8, wato 200, bayan ya ci abinci. Ruwa akai-akai, koko, shayi mai ɗumi, tsumma mai ɗumi a wurin. Ban da ƙanƙara, sanyi yana ƙara toshewar.

Ba da magani daidai yana da amfani na biyu: sai an ba da cikakken awo za a iya cewa ciwon ya ƙi magani. Ciwon da ya fi ƙarfin waɗannan biyun na asibiti ne ko babu zazzaɓi, can akwai mofin, maganin ciwo mai ƙarfi.

Ran Talata yaronmu ya ƙi taka ƙafar, ɗaukarsa ake yi zuwa bayi. Ran Laraba da yamma awo ya nuna 38.9, zaren ya ƙaru da kusan faɗin yatsa, ko zane ya taɓa wurin sai ya yi ƙara. Wuri guda, kumburi mai ƙaruwa, zazzaɓi, ga kwana na uku ciwo yana hawa maimakon sauka. Ba a jiran safiya.

Akwai abubuwan da ba a ƙirga musu kwana ko kaɗan: ciwon ƙirji, tari ko numfashi sama-sama, tafin hannu da ya yi fari fat, ciki da ya kumbura ta hagu, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki. Haka gaɓar da ta kumbura ta ƙi motsi, musamman ƙugu ko gwiwa, don mugunya a cikin gaɓa tana cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki.

Mataki na 4: abin da ba a yi kafin a isa asibiti

Kada a ba shi ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke cikin kwaba, ko wanda mai kemis ya ƙirga kwana biyu. A asibiti za a ɗebi jini a shuka shi don a ga wace ƙwaya za ta tsiro da kuma maganin da ke kashe ta. Kafso biyu sun isa su hana ta tsirowa a kwalba alhali tana nan da ranta a ƙashi, sai likita ya koma lalube. In an riga an ba shi, a tafi da kwalin a faɗi gaskiya.

Kaka za ta ce targaɗe ne a kai wa maɗori, ko wanzami ya sa ƙaho ya cire mataccen jini. A ba ta haƙuri cikin ladabi: "Hajiya, a bari likita ya fara gani tukuna." Ɗauri mai tsauri yana ƙara tare jini, tsaga kuma ƙofa ce ga wata ƙwayar, ga yaron da jininsa dama bai cika ba.

Mataki na 5: a asibiti

A Kumasi asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen masu sikila, kuma a garin nan aka fara gwajin jarirai tun 1995 ƙarƙashin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, shi ya sa yara da yawa suna da kati tun haihuwa. A tafi da katin, da na inshorar lafiya, da takardar da aka rubuta awo. A faɗa wa nas tun daga bakin ƙofa cewa mai sikila ne kuma yana da zazzaɓi. A ambaci gudawa ko ciwon ciki da ya yi a makonnin baya, saboda Salmonela.

Abin da ya fi rikita iyaye shi ne hoton ƙashi. Ana ɗauka, a ce ba a ga komai ba, uba ya yi hamdala ya ce a tafi gida. Hoton eksire ba ya nuna ɓarnar ƙwayar cuta sai bayan kwana 10 zuwa 14. Amfaninsa da wuri shi ne a tabbatar ba karaya ba ce. Sikanin irin na masu ciki ya fi saurin gani: yana nuna ruwan da ya taru tsakanin ƙashi da tantanin da ke lulluɓe da shi, kuma idan kaurinsa ya kai milimita 4 ko fiye, zargi yana ƙarfi. Likita na iya zuƙo ruwan da allura a shuka shi, wannan ce shaida mafi ƙarfi. Hoton Em-ar-ai ya fi duka gani, sai dai tsada, kuma shi ma wani lokaci ba ya raba gardama. Yawan fararen ƙwayoyin jini kuwa yana hawa a duka biyun.

Don haka kada a yi mamaki idan an kwantar da yaron, an ɗebi jini, an fara allurar jijiya ta kashe ƙwayoyin cuta irin su seftiriyazon kafin sakamako ya fito, ana kuma ba shi maganin ciwo da ƙarin ruwa lokaci guda. Shukar jini tana ɗaukar kwana 2 zuwa 5, kuma rashin tsirowar komai bai isa shi kaɗai ya kore cutar ba. Ana haɗawa da yadda zazzaɓi da kumburi suke tafiya.

In ta tabbata ƙashi ne, magani na mako 4 zuwa 6 ne, wani lokaci fiye, a fara da allura a ƙarasa da na sha, kuma idan mugunya ta taru sai an yi aiki an fitar da ita. Yaronmu zai iya fara taka ƙafa tun ba a cinye mako na biyu ba, ya nemi ƙwallo, a nan ne gida yakan ajiye magani. Ƙwayar da ta rage tana kashe wani yanki na ƙashin, bayan watanni wani ɗan rami ya ɓulle a ƙwauri yana tsiyayar ruwa, ya rufe ya sake buɗewa, kuma cire mataccen ƙashin sai tiyata. A rubuta ranar gama magani a jikin kalanda tun ranar sallama, a koma asibiti ranar da aka ba da ko yaron yana gudu.