Kurakuran da aka fi yi wajen tace koken masu kira don rahoton wata

Kowane ƙarshen wata ana kawo mini daftarin rahoto daga sababbin ma'aikata a ofishinmu na Gusau, kuma kusan kullum kurakuran iri ɗaya ne. Aikin kamfanin shi ne sayar da na'urar sola bisa biya kaɗan-kaɗan: mutum ya tura kuɗi, a aiko masa da lambar kunnawa ta saƙon waya. Namu aikin kuwa shi ne mu saurari kiran da aka naɗa, mu fito da koken da ke maimaituwa da kuma yanayin ran masu kira.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙirga kira a maimakon ƙirga mutane, domin ni kaina ya taɓa jawo mini takardar tuhuma. A shekarata ta farko na rubuta cewa batura suna mutuwa a yankin Ƙauran Namoda, saboda na ji kira bayan kira ana cewa wuta ta ɗauke. Aka tashi mota da mai gyara da sababbin batura, aka sha hanya, aka tarar batura lafiyarsu ƙalau. Ashe mutane ƙalilan ne suke ta bugowa safe da yamma, kuma abin da ya same su shi ne sun biya kuɗi lambar kunnawa ba ta iso ba. Laifi biyu na tafka a lokaci guda: na mayar da mutum ɗaya mutum biyar, sannan na ɗauki maganar farko da ta fito daga bakinsa a matsayin ainihin matsalar.

Ga yadda lissafin ke ruɗar mutum. A ɗauka an saurari kira 600 a wata, 90 daga ciki a kan jinkirin lambar kunnawa ne, wato kashi 15 cikin ɗari. Idan aka tace lambobin asusu aka ga mutum 400 ne suka yi kiran duka, kuma 25 kacal ne suka yi waɗancan 90, to koken ya shafi kimanin kashi 6 cikin ɗari na masu kira. Duka alƙaluman biyu gaskiya ne, amma kowanne da abin da yake faɗa. Na biyun yana nuna faɗin matsalar, na farkon kuma yana tona cewa kowane mutum sai da ya bugo sau uku zuwa huɗu, ma'ana ba a warware masa a kiran farko ba, kuma wannan laifin ɗakin amsa kira ne. Ni dai ba na sa hannu a rahoton da bai ajiye su gefe da gefe ba. A Google Sheets ko sabon Excel, idan lambobin asusu suna layin B, wannan ya wadatar wajen ƙirga yawan mutanen da suka kira:

```
=COUNTA(UNIQUE(B2:B601))
```

A lura na ce lambar asusu, domin a ƙauyukanmu mutum yakan ari wayar maƙwabci ko ta mai cajin waya, don haka lambar waya ba ta tabbatar da ko wane ne ya kira. Game da laifina na biyu kuwa, tun daga ranar nake buɗe gurbi biyu ga kowane kira: abin da mai kira ya faɗa, da abin da aka gano a ƙarshe. Da gurbi na biyu ake ƙirga.

Sai batun yanayin rai, inda nake ganin abin takaici daga yaran da aka haifa a nan, suka tashi a nan, amma da zarar sun sa abin saurare a kunne sai su manta yadda iyayensu ke magana. Dattijo ya bugo, ya yi sallama, ya tambayi gajiya da iyali, ya faɗi cewa kwana huɗu ke nan gidansa cikin duhu, aka ce ya ƙara haƙuri, ya ce: "To, ba komai, Allah ya kyauta." Sai ma'aikaci ya rubuta wai ya gamsu. Wace gamsuwa? Wannan mutumin ya yanke ƙauna ne, kuma irinsa ne ke daina biya ba tare da ya sake bugowa ba. Wanda ya ce "na bar ku da Allah" cikin sanyin murya ya fi mai ihu nisa a fushi. Haka kuma matar aure da ke magana ƙasa-ƙasa tana yawan cewa "to", kunya ce da ladabi, ba yarda ba.

Ɗaya ɓangaren ma haka yake. Mutumin da ke tsakiyar kasuwar Talatar Mafara, ko kusa da injin niƙa, dole ya ɗaga murya, sai a yi masa tambarin mai fushi alhali farashi kawai yake tambaya. Al'adata ita ce matakai uku kawai, mai natsuwa da mai damuwa da mai fushi, kuma ina rubuta matakin sau biyu, a farkon kira da ƙarshensa, domin sauyin da ke tsakani shi ne ke nuna aikin wanda ya amsa. Duk wanda ya rubuta "mai fushi" sai ya kawo mini kalmar da aka faɗa da mintin da aka faɗe ta. Wasu ofisoshi suna amfani da matakai biyar, amma ni na gwada na ga mutum biyu ba sa taɓa daidaitawa a kansu. Kowane wata nakan ware kira ashirin, mutum biyu su saurara kowa shi kaɗai, idan sun saɓa a fiye da huɗu sai mu zauna mu sake fayyace ma'anar matakan kafin a ci gaba.

Masu dogara da manhajar da ke mayar da murya rubutu su sani cewa karin harshenmu na yamma yana wahalar da ita, kuma rubutu ba ya ɗauke da gatse. Neman kalmar "na gode" a cikinsa ba zai raba godiya da baƙar magana ba, sai an saurara.

Sauran ƙanana ne. Kada a zaɓi dogayen kira kaɗai ko na makon farko, a ɗauki kowane kira na goma a jerin watan gaba ɗaya. Kada a sauya sunayen rukunan koke a tsakiyar wata, kuma idan rukunin "sauransu" ya wuce kashi goma cikin ɗari, akwai koken da ke ɓoye a ciki wanda ya cancanci sunansa. Daga biyu zuwa huɗu ba a rubuta "ya ninka", a rubuta biyu da huɗu. Raguwar kira ma ba raguwar matsala ba ce: lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumba na 2021 wayoyi sun yi tsit, kuma ba don mutane sun gamsu ba, saboda haka a duba ko akwai sabis a yankin kafin a yi murna. Idan za a kawo maganar mai kira a rahoto, a cire sunansa da lambarsa da unguwarsa, domin rahoton yana bi ta hannaye da yawa, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi irin waɗannan bayanai.