Darasi na Tara: Gefen Rumfa da Kusurwar da Aka Manta

A ce an yankar maka filin rumfar goro a Agege, murabba'in mita 40, kuma gefunansa huɗu tsawonsu ɗaya. Kafinta yana jira ka faɗa masa tsawon gefe. Abin da kake nema shi ne lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 40. Ita ake kira tushen murabba'i, ana rubuta ta √40.

Fara da abin da ka haddace. Shida sau shida 36, bakwai sau bakwai 49. Arba'in ta fi kusa da 36, don haka ka riƙe 6. Saura 4.

Yanzu zana fili a ƙasa, mita 6 tsawo, mita 6 faɗi. Wannan saura huɗun ina za ka sa shi? Za ka ƙara siririn yanki a gabas, wani a arewa, domin filin ya ci gaba da zama daidai. Kowane yanki tsawonsa 6, su biyu 12. Raba 4 gida 12, ka samu 0.333. Faɗin ƙarin ke nan, gefe ya zama mita 6.333. Dalilin da ya sa ake ninka lambar da aka riƙe biyu kafin a raba ke nan.

To amma duba zanenka da kyau. Inda yankunan biyu suka haɗu akwai 'yar kusurwa da ba mu lissafa ba, 0.333 sau 0.333, wato kusan 0.11. Ninka 6.333 da kanta za ka ga kusan 40.11. Kuskuren duka a kusurwar nan yake, kuma shi ya sa amsar wannan hanya kullum takan ɗara gaskiya, ba ta gazawa. Ko da daga 49 ka sauko, ka raba 9 da ke tsakanin 49 da 40 gida 14, ka cire abin da ka samu daga 7, za ka samu 6.357, nan ma ta ɗara.

Da nawa ta ɗara? Raba rarar 0.11 da ninkin amsarka, wato 12.67. Ka samu kusan 0.009, milimita 9 kacal. Cire shi, gefe ya koma 6.324, kalkuleta kuwa 6.3246 za ta nuna. A aikin rumfa, kaurin azara ma ya fi wannan. Mai shimfiɗa tayil ne zai damu.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne riƙe lamba mai nisa. Wanda ya tashi daga 25 zai samu 6.5, kusurwarsa 1.5 sau 1.5, wato 2.25, ya ci wa maƙwabci sama da santimita 17 a gefe biyu. In ƙarinka ya wuce rabin mita, koma ka sake zaɓen lamba.

Aikin gida: fili murabba'in mita 85. Nemo gefensa, sannan ka faɗi girman kusurwar da ka bari.