Kurakuran da aka fi yi wajen gyara nahawun waƙar Sifaniyanci

Mai tace rubutu da ya saba da rubutun zube yakan ɗauki alƙalami da zarar ya ga abin da ya saɓa wa ƙa'ida, kuma wannan hanzarin shi ne ke lalata waƙoƙin Sifaniyanci a hannun masu buga littafi da masu fassara. Abin da ya kamata shi ne kada a taɓa ko da ɗigo ɗaya sai an nemi shaida daga ma'aunin waƙar, da zamaninta, da ɗabi'ar mawaƙin, da kuma tarihin bugunta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gyara kafin a ƙirga gaɓoɓi. Fray Luis de León, mawaƙin Sifaniya wanda ya rasu a 1591, yana da waƙar da ake kira "Vida retirada", kuma ɗangonta na biyu shi ne "la del que huye el mundanal ruïdo", ma'ana rayuwar wanda ya guje wa hayaniyar duniya. Abubuwa biyu ke tsaya wa mai karatu na yau a ido. Ɗaya shi ne ɗigo biyun da ke kan harafin i, waɗanda ba a rubuta su a kalmar ruido ta yau da kullum. Ɗayan kuma shi ne rashin harafin de bayan huye, domin yanzu cewa ake yi huye del.

An gina waƙar a kan baitin da ake kira lira, mai ɗango biyar, inda gaɓoɓin ke tafiya 7, 11, 7, 7, 11, saboda haka dole ɗango na biyu ya kai 11. Idan aka ƙirga yadda ake yi a waƙar Sifaniyanci, wato ana haɗe wasalin ƙarshen kalma da na farkon ta gaba, za a samu la-del-que-hu-yeel-mun-da-nal-ru-ï-do, cif 11. Ɗigon nan biyu umarni ne ga mai karatu cewa ya raba ru da i gida biyu. Wanda ya goge su ya mayar da kalmar gaɓa biyu, ɗangon ya koma 10, ya gurgunce. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne gyaran da ke ɓoye kansa: idan aka goge ɗigon sannan aka ƙara de, ƙirgen yakan koma 11, ɗangon ya zama kamar lafiyayye, har ma mutane da yawa a haka suke kawo shi. Amma a ƙarni na 16 aikatau huir yana iya ɗaukar karɓau kai tsaye ba tare da de ba, don haka abin da aka gyara ba kuskure ba ne, nahawun zamaninsa ne.

Can gaba a cikin waƙar, mawaƙin ya tsinka kalma tsakanin ɗango biyu: "Y mientras miserable-" a sama, "mente se están los otros abrasando" a ƙasa. Wanda bai duba ba zai ɗauka aikin mai jera haruffa ne, ya haɗe kalmar. Amsa-amo ne ke raba gardama a nan, domin miserable tana amsa insacïable da ke ƙarshen ɗango na uku, kuma ɗangon farko ya cika 7 daidai inda aka tsinka. Wanda ya san waƙar Hausa ba zai yi mamaki ba, tun da mawaƙanmu ma sukan ja wasali ko su datse kalma saboda kari da amsa-amo.

Sai dai ƙirge yana da iyaka, kuma kuskure ne a jingina da shi kaɗai. A baitin farko na Martín Fierro, wadda José Hernández ya fitar a Ajantina a 1872, akwai "como la ave solitaria", alhali ƙa'ida ta ce el ave. Ko da la ko da el, ɗangon gaɓa 8 ne, saboda haka ma'auni bai ce komai ba. Shaidar tana cikin bakin mai magana, wanda makiyayin karkara ne, kuma ɗangon da ke sama kaɗan yana cewa estrordinaria maimakon extraordinaria. Idan saɓanin ya dace da karin harshen mai magana kuma yana da 'yan'uwa ko'ina cikin waƙar, to murya ce aka gina da gangan. Haka nan vos tenés, wato yadda 'yan Ajantina ke cewa "kana da", a waƙar ɗan Ajantina ba gurɓatacciyar tú tienes ba ce.

Daga nan sai a duba ɗabi'ar mawaƙin kansa. Mawaƙin Sifaniya Juan Ramón Jiménez yana rubuta j a inda ƙa'ida ta ce g, kamar antolojía da intelijencia, kuma ya yi haka shekara da shekaru, har a sunan littafi. Lamarin César Vallejo, mawaƙin ƙasar Peru, ya fi wannan tsauri. A waƙa ta tara cikin Trilce, wanda aka buga a Lima a 1922, baitin farko ya buɗe da "Vusco volvvver", na biyu da "Busco volvver", na uku da "Fallo bolver". Haruffan b da v sautinsu ɗaya ne a Sifaniyanci, kuma kuskuren maɗaba'a ba ya tafiya da tsari irin wannan, inda v ke raguwa daga baiti zuwa baiti har ta juye ta zama b a daidai wurin da mai magana ya ce fallo, wato ya kasa. A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi amfani: shin saɓanin yana aiki a cikin ma'ana, ko kuwa yana zaune ne kawai ba ya ɗauke da komai?

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, wanda masu tsananin ladabi ke faɗawa ciki, wato ɗaukar kowane tabo a matsayin hikima. Mawaƙa da yawa ba su ga bugun waƙoƙinsu ba. Na Fray Luis sun yi ta yawo a hannun masu kwafa har mawaƙi Francisco de Quevedo ya buga su a 1631, shekara 40 bayan rasuwarsa, kuma Poemas humanos na Vallejo ya fito a Faris a 1939, shekara ɗaya bayan mutuwarsa. A irin wannan matani kuskure na gaskiya yana nan, kuma yana da kamanni: yakan zo sau ɗaya tak, ya karya ma'auni ko amsa-amo maimakon ya cika su, ba ya ƙara ma'ana, kuma ana iya ganin yadda hannu ya zame, kamar n a wurin u, ko harafi biyu da suka sauya wuri. Maganinsa shi ne kwatanta bugu na farko da rubutun hannu da sauran bugu, ba a dogara da kwafin da aka tsinta ba.

Idan duk shaidun sun nuna kuskure ne, a gyara, amma a rubuta a ƙasan shafi abin da ke asali domin wani ya iya sake dubawa. Idan shaidun sun rabu, a bar matanin yadda yake a yi bayani a gefe. Idan kuwa mawaƙin yana raye, a aika masa da ɗangon tare da ƙirgen gaɓoɓinsa, a tambaye shi ko haka ya nufa.