Matakan gano kuskuren farashi tsakanin zaɓin saye da zaɓin sayarwa

Zaɓin saye (C) haƙƙin sayen hannun jari ne a kan farashin da aka tsayar (K), zaɓin sayarwa (P) kuma haƙƙin sayar da shi. Ƙa'idar da ta ɗaure su: `C − P = S − K/(1+r)^T`. A nan C da P farashin zaɓin biyu ne, S farashin hannun jarin yau, r kuɗin ruwa na shekara, T shekarun da suka rage kafin zaɓin ya ƙare.

1. Tabbatar K da ranar ƙarewar zaɓin biyu ɗaya ne, kuma irin na Turai ne, wanda ba a amfani da shi sai ranar ƙarewa. Mun ɗauka kamfanin ba zai raba riba ba kafin ranar.

2. Lissafa ɓangaren dama. A ce S dala 100, K dala 105, r kashi 5 cikin ɗari, T shekara 1. Raba 105 da 1.05, ka sami 100; cire shi daga S, saura sifili, don haka ya kamata C da P su zo daidai.

3. Duba kasuwa. Idan C dala 9 ne, P dala 7, zaɓin saye ya yi tsada da dala 2. Yi lissafin da farashin da za a saya a hannunka da wanda za a sayar maka, domin ratar da ke tsakaninsu da ladan dillali kan cinye ribar.

4. A lokaci guda sayar da C, sayi P, ranto dala 100 ka sayi hannun jarin. Dala 2 sun rage a hannunka.

5. Ranar ƙarewa, in farashi ya kai 120, mai C zai karɓi hannun jarin a 105. In ya faɗi zuwa 80, kai za ka sayar a 105 ta hanyar P. Da wannan 105 ɗin za ka biya bashin da ruwansa.