Yadda na gyara takardar farashi har banki ya buɗe min Form M

Injin casar shinkafa zan shigo da shi Gombe daga Sin, amma banki ya ƙi buɗe min Form M, wato takardar neman izinin shigo da kaya, balle a yi maganar takardar lamunin biya. An duba lambar harajina, lafiya lau. An sake buga hatimi, shiru.

Ashe matsalar tana cikin takardar farashin da kamfanin ya aiko. Kuɗi ɗaya dunƙule suka rubuta da sharaɗin CIF, wato har da inshora, alhali dokar Najeriya ta ce inshorar kayan shigowa a gida ake yin ta.

Sai na nemi sabuwa mai taken Proforma Invoice, da lamba da kwanan wata. Na ce su mayar da sharaɗin CFR Apapa, wato kuɗin kaya da na jirgi zuwa tashar Apapa ta Legas ban da inshora, su raba kuɗin injin da kuɗin jirgi, kowanne a layinsa, da dala. Su sa HS Code, wato lambar da kwastam ke gane nau'in kaya da ita, da ƙasar da aka ƙera injin, sannan sunan kamfanin ya yi daidai da na asusun da za a tura wa kuɗin, harafi da harafi, tare da lambar SWIFT ta bankinsu. Inshorar kuwa na yanka a nan.

Alhamdu lillahi, ta wuce. Ma'aikaciyar bankin da ta gano bakin zaren, Allah ya saka da alheri.