Yadda za ka tantance hadisi kafin ka saka shi a bidiyonka

Ka gama shirya bidiyo a kan neman ilimi, kana so ka buɗe da "Manzon Allah (SAW) ya ce ku nemi ilimi ko da a birnin Sin ne". Dakata tukuna. Da wannan ɗin ma za mu yi aikin, tunda kusan kowa ya taso yana jin sa tun a islamiyya.

Farko dai nemo lafazin Larabcin. Da fassarar Hausa ba za ka kai ko'ina ba, don kowane mai wa'azi da yadda yake juya ta, kuma littattafan da ke yanke hukunci da Larabci suke. In ba ka iya ba, ka tura wa wani ɗalibin ilimi ya rubuto maka. Ba sai jimlar duka ba, kalma biyu da ba kasafai suke haɗuwa a wani wuri ba sun isa, a nan sai ka ɗauki ولو بالصين kawai.

Sai ka shiga dorar.net ɓangaren hadisi ka manna. Sakamako zai zubo da yawa, kowanne ƙarƙashinsa akwai sunan sahabin da ya ruwaito, malamin da ya yi hukunci, littafi da lamba, sannan hukuncin kansa. To nan ne mutane ke zamewa, mutum ya ga hadisin ya fito sai ya ce ai ga shi nan akwai shi, alhali shafin yana kawo ingantacce da na ƙarya ne duk tare, layin hukuncin shi ne abin karantawa. A namu za ka ga an jingina shi ga Anas bin Malik ta hanyar wani mai suna Abu Atika, wanda Bukhari ya ce munkarul hadisi ne, wato ba a karɓar ruwayarsa. Ibnu Hibban ya ce baɗili ne ba shi da asali, Ibnul Jauzi ya sa shi cikin littafinsa na ƙagaggun hadisai, Albani ma ya kira shi baɗili a Silsilatud Da'ifa lamba 416. Waɗannan malaman duk sun hau layi ɗaya, magana ta ƙare, cire shi daga bidiyon.

Amma fa kar ka tsaya a sakamako ɗaya, karanta kamar biyar ko shida. Wannan ruwayar tana da ci gaba, "domin neman ilimi farilla ne a kan kowane musulmi", kuma wannan yankin ya zo shi kaɗai ta wasu hanyoyi, yana Ibnu Majah lamba 224, malamai da dama sun karɓe shi saboda yawan hanyoyinsa har da Albani. Kenan in ka ga "sahihi" a allo ka duba da kyau wane yanki ake nufi, wutsiyar ce ko kan. Ita kuma "wa muslimatin" da ake ƙarawa a ƙarshe, ma'anar daidai ce, mata suna ciki, sai dai kalmar ba ta cikin ruwayar, Sakhawi ya yi wannan bayanin tuntuni.

Wasu kalmomin kuma suna ruɗi. "Rijaluhu sikat" na nufin masu ruwayar amintattu ne, ba ta ce sarƙar a haɗe take ba. "Mauƙufi" maganar sahabi ce, kar ka ce Annabi ya ce. Haka "Bukhari ya ruwaito", tambayi a ina, don yana da Adabul Mufrad ban da Sahihinsa, kuma a can akwai masu rauni.

In ka samu ingantacce, je ka gan shi da idonka a littafin, ko a sunnah.com ko manhajar littattafai ta Shamila. Misali madadin na Sin ɗin ga na Abu Huraira a Sahihu Muslim lamba 2699, wanda ya bi hanya yana neman ilimi Allah zai sauƙaƙe masa hanyar Aljanna. In ka buɗe za ka tarar yanki ne na dogon hadisi, karanta shi duka kafin ka yanko. Lamba takan bambanta daga bugu zuwa bugu, shi ya sa gara ka haɗa da sunan babi.

Inda malamai suka saɓa, wani ya ce hasan wani ya ce da'ifi, ni dai shawarata ka kai wa malamin hadisi na kusa da kai hoton abin da ka gani, ko ka nemi wani hadisin da babu rigima a kansa, kusan kullum akwai. Bidiyon minti ɗaya ba ya ɗaukar bayanin saɓani.

Wajen editin sai ka rubuta a kan allo, ƙasan Larabcin: sahabi, littafi, lamba. A kan allo fa, ba a kafshan kaɗai ba, don in aka sauke bidiyon aka watsa a WhatsApp kafshan ba ya bin sa.