Firij Yana Ta Aiki Amma Ƙasa Ba Sanyi

A firij marar tara ƙanƙara, sanyi daga firiza yake saukowa, fanka ce ke tura shi ƙasa. Idan hanyar ta toshe, injin ba zai huta ba.

Da farko buɗe firiza, ka danna maɓallin bakin ƙofa, ka saurara. In babu ƙarar fanka alhali injin yana aiki, ta mutu ko ƙanƙara ta riƙe ta.

Sai ka duba bangon baya na cikin firizar. Farar ƙanƙara a can alama ce hitar da ke narkar da ƙanƙara ta daina aiki. Kwashe abinci, cire wuta, bar ƙofofi a buɗe awa 24. Kada ka sa wuƙa, don Allah, za ka huda bututun gas. Idan sanyi ya dawo sannan ya ɓace bayan 'yan kwanaki, hita ko na'urar kunna ta mai gyara zai duba, kada ka biya kuɗin gas.